Littafin nauyi: yadda wani shagon walda ya gano abin da cahier des charges ke nufi

## Asalin lamarin

Shagon na wani Alhaji ne a Katsina, mai walda da aikin katako, wanda ya daɗe yana yi wa makarantu benci da tebur. Ƙaninsa yana da irin wannan shago a Maraɗi, mai rajista da lambar haraji ta Nijar, kuma kuɗin jarin guda ne. Duk aikin da ya fito a can, da sunan shagon Maraɗi ake nemansa, amma lissafi a Katsina ake yi, a hannun wani matashin magatakarda da ya yi karatun boko da Turanci, bai kuma san Faransanci ba sai gaisuwa. Wanda ya saba karanta musu takardun Faransanci wani dattijo ne da ke riƙe da littattafan shagon Maraɗi. Tsohon malamin firamare ne, shi ya sa har yanzu kowa Mushe yake ce masa. A lokacin da wannan abu ya faru ya tafi ƙauyensu jinyar yayansa, inda waya ba ta kamawa sai an hau tudu.

Wata ƙungiya mai zaman kanta ta ba da sanarwa tana neman wanda zai yi benci 400, irin mai haɗe da tebur, don makarantu 8 a jihar Maraɗi. Sanarwar shafi biyu ce, an ba da kwana 21 a kai tayi a rufaffen ambulan. Ƙanin Alhaji ya ɗauki hotonta ya turo Katsina. Magatakarda ya gane adadin, ya gane ranar rufewa, ya gane adireshi. Abin da ya tsaya masa shi ne wasu kalmomi uku da suka fito har sau huɗu, ɗaya daga ciki a wannan jimla:

Les offres non conformes au cahier des charges seront rejetées.

## Rana ta 1 zuwa ta 4: zato

Bai tambayi kowa ba da farko. Kalmar ƙarshe ta yi masa kama da wadda ya sani, wadda Bahaushe ya ara ya ce caji: cajin banki, cajin dako, abin da za a caje ka. Ta farkon kuma ya taɓa jin mutanen Nijar suna kiran littafin rubutu na ɗan makaranta kaye. Sai ya haɗa biyu da biyu: kayen caji, wato takardar da mai neman kwangila zai rubuta farashinsa a ciki. Bisa wannan fahimta jimlar tana cewa ne duk wanda bai tsara farashinsa da kyau ba za a yi watsi da shi.

Zaton ba na wauta ba ne, domin a lissafin kuɗi na Faransanci kalmar charges takan nufi kuɗaɗen da ake kashewa. Ƙamus ɗin wayarsa ma da ya duba kalmar ita kaɗai, har da wannan ma'ana ya ba shi a cikin jerin ma'anoni, ya kuwa ɗauki wadda ta dace da abin da ke ransa.

Ya zauna ya yi lissafi a kan bencin da shagon ya saba yi: fayif mai kusurwa huɗu, faɗin milimita 25, kaurin milimita 1.2, katako na yau da kullum, fenti shafa ɗaya. Ya samu sefa 27,000 kowane benci a bakin shago, da ribar 4,000 a ciki. Duka ya kama 10,800,000. Ya buga wannan a takarda mai kyau, ya sa mata kai da Faransanci, Cahier des charges, ya kai wa Alhaji. Alhaji ya juya takardar ya ce, to su wane irin benci suke so? Magatakarda ya ce ba su faɗa ba. Alhaji ya ce shekarunsa nawa a wannan sana'a bai taɓa ganin mai sayen benci 400 da bai faɗi irin wanda yake so ba, a nemi Mushe.

## Rana ta 5: saƙon farko

Ga abin da ya tura: "Baba Mushe, barka da war haka, ya mai jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Don Allah mece ce ma'anar cahier des charges?"

Bai ce a ina ya ga kalmar ba, bai turo jimlar ba, bai ambaci kwangila ba. Amsa ta iso a ranar da dare, muryar daƙiƙa kaɗan da iska a bayanta: "Ɗana, bayanin irin kayan da ake so ne, tsawo da faɗi da sauransu. Jiki da sauƙi, mun gode."

Wannan ya rushe zaton farko, ya kuma kawo na biyu. Magatakarda ya fahimci cewa ba farashi ba ne, siffar kaya ce. Amma har yanzu yana ganin shi ne zai rubuta ta. Sai ya ɓata rana ta 6 da ta 7 yana zana bencin shagonsu, yana auna tsayin ƙafa da faɗin tebur, don ya haɗa da takardar farashi. Mako guda ya tafi, kuma ainihin takardar da ake magana a kanta tana ajiye a ofishin ƙungiyar a Maraɗi, ba wanda ya je ya karɓo ta, don ba wanda ya san akwai ta.

## Rana ta 8: saƙo na biyu

Abin da ya tayar masa da hankali wata jimla ce a ƙasan shafi na biyu, inda kalmomin uku suka zo tare da adireshin ofis da sa'o'in aiki. Ya ce a ransa, in ni zan rubuta abu, me ya haɗa shi da lokacin buɗe ofishinsu? Sai ya sake rubuta wa Mushe, wannan karon da hoton shafukan biyu, ya ja layi a ƙarƙashin wurare huɗun:

"Baba, ka yi haƙuri na sake damun ka. Sanarwar kwangilar benci ce, ga ta nan. Tambayata uku. Wannan abin, mu za mu rubuta shi ko su suka rubuta? In su ne, yana cikin shafukan nan biyu ko wata takarda ce dabam? Kuma bayan awon benci, akwai wani abu a cikinsa da zai taɓa farashi? Sauran kwana 13 a rufe."

Mushe ya hau tudu ya kira da kansa. Ya ce ai da ya san kwangila ce da bai ba shi waccan amsa ba, shi ya ɗauka wani abu ya gani a jarida. Sannan ya warware masa. Cahier dai kaye ne, wannan ka yi daidai. Amma charge a asalinta kaya ce, irin wadda ake ɗora wa jaki ko mota, daga nan ta zama nauyin da aka ɗora wa mutum. To littafin nauyi ne: mai ba da aiki ne ke rubuta shi, ya jera duk abin da zai hau wuyan wanda ya ci kwangilar, da ɗan abin da ya hau wuyan shi mai ba da aikin. Awon benci yana ciki, amma rabi ne kawai. Ɗayan rabin shi ne kwana nawa, a kai ina, wa zai biya mota, yaushe za a biya ka, me za a cire maka in ka makara. Jimlar da ta dame shi kuwa cewa take duk tayin da bai bi wannan littafi ba za a ture shi gefe, ko da shi ne mafi araha. Ya ce a tura yaro gobe da sassafe ya karɓo.

A nan ya kamata a ɗan tsaya, don kalmar ba siffa ɗaya take zuwa da ita ba. A kwangilar gwamnati a Nijar da sauran ƙasashen UEMOA, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, waɗanda suka daidaita dokokin kwangilarsu bisa ƙa'idojin da UEMOA ta fitar a 2005, sunan yakan zo a jam'i, kuma laima ce da ta rufe littattafai huɗu. Biyu na gama-gari ne da ke hawa kan duk kwangila irin wannan: CCAG na sharuɗɗan gudanarwa, CCTG na sharuɗɗan fasaha. Biyu kuma na wannan kwangilar ce kaɗai: CCAP na gudanarwa, CCTP na fasaha. Wanda ya ga harafin P a ƙarshe, nan ne abin da ya shafe shi kai tsaye yake, don nan ake rubuta adadin kwanaki da tara da awo. Ƙungiyoyi da kamfanoni kuwa sau da yawa sukan dunƙule komai a takarda ɗaya su sa mata wannan suna, kuma irin ta ce aka samu a nan. Mutumin da ya saba da takardun kwangila na Najeriya ya san duk waɗannan abubuwa, sai dai ya san su a rarrabe, sharuɗɗan kwangila gefe guda, bayanin kaya gefe guda. Kalma ɗaya da ta kwashe su duka ce bai saba da ita ba, shi ya sa duk fassarar kalma da kalma da aka ba shi sai ta bar rabi a baya.

## Rana ta 9 zuwa ta 12: karatu

Takardar ta zo, shafi 18. Mushe ba zai iya fassara ta duka ta waya ba, don haka suka yi wata dabara. Magatakarda ya ja layuka a babbar takarda, gida huɗu: lambar sashe, abin da aka ce a yi, wa zai yi, nawa zai ci. Kowace yamma yakan tura hoton shafi huɗu ko biyar, Mushe ya aiko da murya sashe bayan sashe, shi kuma ya cike gidajen. Mushe ya ƙara masa da abu ɗaya da zai iya yi shi kaɗai: ya bi takardar da jan biro ya kewaye duk inda ya ga à la charge du fournisseur, wato a wuyan mai kawo kaya. Ya samu wuri shida.

Ɓangaren fasaha ya fara ba su mamaki tun daga ƙarfe. An ce fayif mai faɗin milimita 30, kaurin 1.5. A ido bambancin ba wani abu ba ne, ka ajiye su kusa da juna sai ka ce ɗan uwa ne da ƙaninsa. A sikeli kuwa mita ɗaya na wanda suka saba bai kai kilo ɗaya ba, kusan giram 900 ne, na wanda aka nema kuma ya haura kilo ɗaya da giram 300. Ƙarfen ya ƙaru da rabi ke nan. Bencin nasu yana cin kusan mita 9, don haka kowanne ya tashi daga kilo 8 zuwa 12, benci 400 kuma ƙarin ya wuce tan ɗaya da rabi. Wannan kaɗai ya ɗora sefa 3,500 a kan kowane benci. Katako mai kauri da aka nema, busasshe, da jan fenti mai hana tsatsa kafin a shafa na sama sau biyu, suka ƙara 1,500.

Ɓangaren gudanarwa shi ne wanda amsar farko ta Mushe ba ta taɓo ba. Kai kaya har cikin kowace makaranta, da lodi da saukewa, duk a wuyan mai kawowa, kuma makarantu uku daga cikin takwas ɗin suna nesa da kwalta. Ƙanin Alhaji ya tambayi direbobi, aka raba kuɗin a kan benci 400 ya kama 1,500. Babu kuɗin kafin alƙalami, sai an kai an duba an karɓa sannan a biya. Ko a lokacin ma za a riƙe kashi 5 cikin 100 har wata shida, a ga ko walda za ta saki. Makara kuma tana da tara: kashi 1 cikin 1,000 na dukan kuɗin kwangilar a kowace rana, iyakarta kashi 10 cikin 100. Sai abubuwa biyu da ba su da tsada amma suna iya kayar da mutum tun a bakin ƙofa: a kawo samfurin benci ɗaya ranar kai tayi, a kuma mayar da ita kanta takardar cikin ambulan, an sa gajeren hannu a kowane shafi, a na ƙarshe an rubuta lu et approuvé da hannu, wato na karanta na amince, an sa hannu da hatimi. Alhaji ya sa 500 a kan kowane benci don samfur da kuɗin da za su kwanta a hannun mutane.

Farashi ya koma 34,000, duka 13,600,000. Tsakaninsa da na farko 7,000 ne a kowane benci. Ribar da ke cikin lissafin farko 4,000 ce, saboda haka da sun ci aikin a kan 27,000 suka kuma yi shi yadda aka rubuta, da sun cika 3,000 daga aljihu a kowane benci, 1,200,000 ke nan.

## Rana ta 12 zuwa ta 15: saɓani a takardu

Cike gidajen nan ya tono wani abu. Sanarwa ta ce a gama aiki cikin kwana 45, sashe na 9 na takardar kuma ya ce 30. Shagon Maraɗi yana iya fitar da benci 10 zuwa 12 a rana in wuta ta zauna, don haka 45 mai yiwuwa ne, 30 kuwa sai an ɗauki ƙarin masu walda. Ƙanin Alhaji ya so ya je ya tambayi wani da ya sani a ofishin. Mushe ya hana. Ya ce maganar baka ba ta goge abin da ka sa wa hannu, ranar da za a cire tara ba wanda zai tuna ya gaya maka komai a baranda. Takardar da kanta ta ba da damar neman ƙarin bayani a rubuce har zuwa kwana 7 kafin rufewa, wato rana ta 14. Mushe ya yi shiftar layi biyar, aka buga, aka kai a rana ta 12. Amsa ta fito a rana ta 15, an aika wa duk waɗanda suka karɓi takardar: kwana 45 ne, 30 ɗin ragowar wata tsohuwar kwangila ce da aka kwafo. Aka haɗa wannan amsa cikin ambulan, ita ma da sa hannu.

## Rana ta 21 da bayanta

An buɗe tayi shida a gaban masu su, ana karanta farashi da ƙarfi. Nasu ne na uku a araha. Mafi ƙasa 28,500 ne, magatakarda da aka gaya masa ta waya ya yi shiru, don ya ga lissafinsa na farko a hannun wani. Bayan kwana goma sakamako ya fito. An ture na farko don samfurinsa fayif mai faɗin 25 ne, an sa masa ma'aunin kauri a gaban kwamiti. An ture na biyu don bai mayar da takardar da sa hannu ba. Aikin ya faɗo wa shagon Maraɗi.

An kai wa makarantu bakwai a kan lokaci. Ta takwas ta makara da kwana 4, motar da aka yi alkawari da ita ta lalace, samun wata da za ta shiga rairayi ya ɗauki lokaci. Ƙanin Alhaji ya yi tsammanin za a lissafa tarar a kan benci 50 na wannan makaranta kawai. Magatakarda ya buɗe babbar takardarsa ya nuna masa gidan da aka rubuta "dukan kuɗin kwangila": 13,600 sau 4, aka cire 54,400. Wajen dubawa an ware benci 22 da fentinsu ya yi ƙuraje, aka goge aka sake shafawa a can makarantun. Sefa 680,000 da aka riƙe sun fito bayan wata shida ba tare da an cire komai ba.

## Abin da ya bayyana

Zaton farko ya faɗi ne don kalmar ta yi kama da wadda aka sani, kuma akwai alamar da ta isa ta tona shi tun ranar farko: sanarwar tana cewa tayi ya dace da wannan abu, ba a kuwa cewa ka dace da abin da kai za ka rubuta. Alhaji da bai karanta ko harafi ɗaya na Faransanci ba shi ya fara jin ƙaiƙayin, don ya san yadda masu saye suke.

Saƙon farko ya fi zaton haɗari a ganina. Mushe bai yi kuskure ba, abin da ya faɗa shi ne abin da mafi yawan masu jin Faransanci za su faɗa in ka tare su a hanya da kalmar tsirara, kuma ƙamus ma kusan haka zai ce. Amma amsa ce da ta fito daga bakin wanda aka yarda da shi, sai ta rufe ƙofar bincike har kwana biyu. Laifin na tambayar ne. An tambayi ma'anar kalma, alhali abin da ake bukata shi ne sanin wace takarda ce, tana ina, wa ya rubuta ta, me ta ɗora wa shagon. Saƙo na biyu bai fi na farko ladabi ba. Abin da ya ƙara shi ne hoton jimlar, da faɗin cewa kwangila ce, da adadin kwanakin da suka rage, kuma wannan na ƙarshen ne ya sa dattijo ya bar gefen majinyaci ya hau tudu.

Dabarar gida huɗu ta yi aiki don ta mayar da kowane sashe tambayar kuɗi, ta kuma sa aka karanta sassan gudanarwa da masu sana'a suka saba tsallakewa su tafi wajen awo. Tana da iyaka. Shafi 18 ne, kuma komai yana wuri ɗaya. Da kwangilar gwamnati ce, inda CCAP ke cewa a koma sashe kaza na CCAG, wani lokaci ma ba a haɗo shi cikin abin da aka ba ka ba, da muryar waya ba ta wadatar ba, sai an zauna da mai karatu takarda a gaba. Kuma ko a nan ba ta hana tara ba. Sashen an karanta shi, an fahimce shi, an rubuta shi a gidansa, amma ba wanda ya ajiye mota ta biyu don makarantar da ke cikin rairayi.